Ɗalibai biyu, malamai biyu, maki huɗu: yadda muka rubuta ma'aunin jarrabawar ɗakin gwaje-gwaje

Jarrabawar ta aikin hannu ce a darasin kimistiri, ajin ƙarshe na sakandare. An ba kowane ɗalibi ruwan NaOH wanda aka san ƙarfinsa, 0.100 mol/dm³, da ruwan asid na HCl wanda ba a faɗa masa ƙarfinsa ba. Aikinsa shi ne ya auni 25.0 cm³ na NaOH da fifet, siririn bututun gilashi na auna ruwa, ya zuba a kwalbar gwaji, ya ɗiga sinadarin nuna launi na metil oranj, sannan ya riƙa sako asid daga buret, dogon bututun gilashi mai zanen awo da famfo a ƙasa, har launin ya tashi daga rawaya ya koma ruwan lemo. Daga yawan asid ɗin da ya ci sai ya lissafa ƙarfinsa. Wannan shi ne taitireshan, aikin da kusan duk ɗalibin kimiyya sai ya yi shi.

Mu biyu muke koyar da ajin, ni da wata abokiyar aikina. Ni ne na tsaya a ɗakin gwaje-gwajen ranar, ita kuwa ta ɗan leƙo ne ta fita, daga baya ta karɓi takardun ta duba. Muka yarda kowa ya ba da maki cikin 20 shi kaɗai, sannan mu haɗa. Da muka zauna haɗawa, sai takardu biyu suka tsayar da mu.

Ta farko ta wata ɗaliba ce. Na ba ta 16, Malama ta ba ta 11. Ta biyu ta wani ɗalibi ce, wanda na ba shi 12, ita kuma ta ba shi 17. Wato ba tazarar maki kawai ba ce, mun juyar da su gaba ɗaya: wanda yake sama a wurina shi ne a ƙasa a wurinta.

Na ce mata, "Malama, da kin ga hannun yarinyar nan a kan famfon buret, da ba ki ba ta 11 ba."

Ta ce, "Malam, ni takarda aka ba ni. Dubi matsakaicin da ta fitar, ta haɗa har da gwajin share fage. Shi kuwa wannan, nuna mini kuskure ɗaya a lissafinsa."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Ɗalibar ta samu 24.30 cm³ a gwajin share fage, wato zagayen farko na kintace wanda ba a sa shi a matsakaici, sannan 23.65 da 23.55 da 23.60. Ni da na yi gwajin da safe da ruwan nan ɗin dai, 23.60 na samu. Hannunta ya faɗa daidai, amma da ta zo fitar da matsakaici sai ta tara huɗun duka ta raba, ta samu 23.78. Ɗalibin kuma ya samu 25.00 a share fage, sannan 24.50 da 24.45 da 24.50. Jadawalinsa tsaf, lissafinsa ba tangarɗa, matsakaicinsa 24.48. Sai dai ni na gan shi yana ɗauraye kwalbar gwaji da ruwan NaOH kafin kowane zagaye, kuma bai taɓa rufe famfo ba sai da ruwan ya yi ja wur. Ragowar NaOH da ke mannewa a jikin kwalba tana ƙara abin da asid zai ci, wucewa zuwa ja kuma yana ƙara wani. Tunda kuskuren iri ɗaya yake maimaitawa kowane zagaye, sakamakonsa sai suka jitu da juna, alhali duk suna nesa da gaskiya da kusan 0.9 cm³.

Maki ɗaya dunƙulalle ba zai iya ɗaukar wannan labari ba. Ko da mun raba bambancin mun ba kowannensu 14, da mun rufe abu biyu masu muhimmanci: ita ba ta san wane sakamako ake zaɓa ba, shi bai san me ake ɗauraye kwalba da shi ba. Daga nan muka yanke shawarar rubuta ma'auni mai rabe-rabe, irin wanda ake yanka aikin gida-gida, kowane gida da matakansa, kowane mataki da bayanin abin da za a gani.

Zubin farko, da dalilin da ya sa muka yage shi

A zama ɗaya muka fitar da jadawali mai layi biyar: shirya kayan aiki, sarrafa buret, rubuta sakamako, ingancin sakamako, da lissafi. A saman ginshiƙai muka rubuta "madalla", "da kyau", "ba laifi", "da sauran aiki". A cikin gidajen kuma muka cika da jumloli irin su "ya shirya kayan aiki da kyau sosai", "ya shirya kayan aiki da kyau", "ya shirya kayan aiki daidai gwargwado". A ido ya yi kyau, har muka ji kamar an gama.

Sai muka ɗauko takardun nan biyu muka gwada shi a kansu. A layin ingancin sakamako na ɗalibin, Malama ta sa "madalla" saboda alƙalumansa uku sun jitu. Ni na sa "da sauran aiki" saboda sun yi nesa da nawa. Muna nan inda muka baro, illa dai yanzu gardamar ta shiga cikin akwati. Jadawalin bai yanke komai ba, domin kalmomin "sosai" da "daidai gwargwado" ba sa nuna wani abu a kan tebur. Ra'ayin mai dubawa suke nunawa, kuma ra'ayin ne dama ya raba mu.

Daga wannan muka ɗora wa kanmu ƙa'ida ɗaya wadda ta tafiyar da sauran aikin: duk jumlar da za ta shiga gida, sai ta kasance abin da mutum zai iya nunawa da yatsa, ko a hannun ɗalibi, ko a cikin kwalba, ko a kan takarda. In ba za a iya nuna ta ba, a goge.

Layin shirya kayan aiki

Wannan layi ya fi kowanne cin lokacinmu, kuma a nan na koyi abin da ya fi yi mini amfani. Mun fara lissafa abubuwan da ake so. A ɗauraye buret da asid ɗin da za a zuba a cikinsa, don kada ragowar ruwa ta tsinka shi. A ɗauraye fifet da NaOH saboda dalili iri ɗaya. Kwalbar gwaji kuwa tataccen ruwa kawai za ta gani, domin ruwa ba ya canza yawan NaOH da aka auna aka zuba, amma ƙarin NaOH yana canzawa. A cika bakin buret na ƙasa har kumfar iska ta fita. A cire mazurari kafin a fara karatu.

Tunaninmu na farko shi ne mu ƙirga: wanda ya yi biyar ya samu mataki na sama, wanda ya yi huɗu na biye, haka har ƙasa. Ƙirga tana da daɗi don ba a gardama a kanta. Amma Malama ce ta fara ganin ramin. Ta ce, "To yaron da ya manta mazurari na ɗan lokaci ya tuna ya cire kafin ya karanta, da yaron da ya wanke kwalba da NaOH, duka huɗu cikin biyar ke nan. Ɗaya suke?" Ba ɗaya suke ba. Na farko bai ɓata komai ba. Na biyu ya gurɓata duk wani sakamako da zai fitar a ranar.

Sai muka bar ƙirga, muka raba matakan bisa abin da kuskuren yake jawowa. Mataki na 3 ya zama na wanda ya ɗauraye kowane kaya da ruwan da ya dace, babu kumfa a bakin buret, babu mazurari a kai lokacin karatu, kuma ba wanda ya tuna masa. Mataki na 2 na wanda ya yi tuntuɓe amma ya gyara da kansa kafin ya ɗauki karatun farko, ko wanda kuskurensa bai taɓa yawan sinadarin da ake aunawa ba. Mataki na 1 na wanda ya bar kuskuren da ke canza adadi, kamar ɗauraye kwalba da NaOH, ko barin kumfa, ko hura ɗigon ƙarshe da ke maƙalewa a bakin fifet, wanda tun wurin ƙera fifet ɗin an riga an yi lissafin zai rage a ciki. Mataki na 0 na wanda sai da malami ya sa hannu ya haɗa masa.

Abin lura a nan shi ne tambaya ɗaya ce take ratsa matakan huɗu daga sama zuwa ƙasa: shin abin da ya yi ya shafi adadi, kuma wa ya gyara? A zubinmu na farko mun yi wani kuskure da na sha gani a ma'aunan wasu: mataki na sama yana maganar tsafta, na tsakiya yana maganar sauri, na ƙasa yana maganar neman taimako. Irin wannan ba matakala ba ce, abubuwa uku ne daban aka jera, kuma ɗalibi ɗaya yana iya faɗawa cikin ukun a lokaci guda.

Mun tsaya a matakai huɗu da gangan. Mun gwada biyar, sai muka kasa rubuta bambanci na gaskiya tsakanin biyu na tsakiya ba tare da komawa ga "kaɗan" da "sosai" ba. A ganina yawan matakai ya kamata ya tsaya daidai inda bambancin da ido ke gani ya ƙare.

Layin da ya rabu biyu

Layin ingancin sakamako, wanda ya fara tona asirin zubin farko, abu biyu ne muka cusa a buhu ɗaya. Akwai jituwar sakamakon ɗalibi da junansu, akwai kuma kusancinsu da sakamakon malami. Ɗalibinmu ya ƙware a na farko ya faɗi a na biyu. Duk lokacin da mai dubawa ya ce "ta wani ɓangaren 3 ne, ta wani ɓangaren 0 ne", alama ce layin yana ɗauke da ciki, sai a raba shi.

A layin jituwa, mataki na 3 shi ne a samu aƙalla sakamako biyu, ban da share fage, da tazararsu ba ta wuce 0.10 cm³ ba. Ba daga sama muka tsinko wannan adadi ba. Zanen buret yana tafiya ne da 0.1 cm³, ana karanta shi zuwa 0.05, kuma kowane sakamako daga karatu biyu yake fitowa, na farawa da na ƙarewa. Ɗigo ɗaya na asid ma kusan 0.05 cm³ ne. Neman jituwar da ta fi 0.10 matsewa zai zama neman abin da kayan aikin ba za su iya bayarwa ba. Mataki na 2 ya tsaya a 0.20, na 1 a 0.50.

A layin kusanci muka sa 3 ga wanda bai wuce 0.20 daga na malami ba, 2 zuwa 0.40, 1 zuwa 0.60, abin da ya wuce haka 0. Sharaɗinsa shi ne malami ya yi nasa gwajin a ranar, da ruwan da ɗalibai za su yi aiki da shi, ba na makon jiya ba, domin NaOH yana shan iskar CO₂ idan ya zauna, ƙarfinsa ya ragu.

Nan kuma wata matsala ta taso wadda ta shafi ɗalibarmu. Idan aka gwada kusanci da matsakaicin da ɗalibi ya fitar, to wanda ya yi kuskuren zaɓen sakamako zai iya rasa maki a layin kusanci, ya sake rasawa a layin lissafi, duk a kan laifi ɗaya. Sai muka rubuta a ƙasan layin cewa mai dubawa ne zai fitar da matsakaici daga sakamakon da suka jitu, shi zai gwada da na malami. Haka kuma a layin lissafi, ana bin ɗalibi da alƙaluminsa ko da alƙalumin ya karkace: abin da ake dubawa shi ne ko ya san hanya. Hanyar gajeriya ce. Yawan NaOH shi ne 0.100 × 25.0 ÷ 1000 = 0.00250 mol, kuma tunda ɗaya ke cin ɗaya, HCl ma 0.00250 mol ne. A raba shi da 23.60 ÷ 1000 a samu 0.106 mol/dm³. Ɗalibar, da 23.78 ɗinta, ta samu 0.105. Ɗalibin, da 24.48, ya samu 0.102, kuma kowane taki nasa daidai ne.

Na daɗe ina jayayya da kaina a kan ko layin kusanci ba hukunci na biyu ba ne ga mai kuskuren hannu, tunda an riga an rage masa a shirya kaya da sarrafa buret. Gaskiya akwai ƙamshin haka. Mun bar shi ne saboda dalili ɗaya: shi kaɗai ne shaidar aikin hannu da ba ta dogara da ko idon malami ya faɗa kan ɗalibi a daidai lokacin ba. Don haka muka fasa ninka makin layin sarrafa buret da muka yi niyya tun farko. Aka tashi da layi shida, kowanne daga 0 zuwa 3, jimilla 18: tara na bin hannu, tara na bin takarda.

Abin da idon malami zai iya riska

Ma'auni yana iya yin kyau a takarda ya gagara a ɗaki. Ɗalibai 24 ne, mu biyu, awa ɗaya. Kowannenmu yana da goma sha biyu, wato minti biyar ga kowane ɗalibi in an raba daidai, kuma ɗaurayar kaya duk a mintocin farko take faruwa, a lokaci guda, a kan kowane tebur. Ba yadda za a yi mutum ɗaya ya ga hannu ashirin da huɗu.

Mun yi gyara uku. Muka sa ɗalibai su fara rukuni-rukuni, shida su shiga, bayan minti goma wasu shida su biyo, ta yadda kowane malami uku kawai yake kallo a lokacin shiri. Muka ce kowa ya ɗaga hannu sau ɗaya bayan ya kammala zagaye na gaskiya, kada ya zubar da kwalbar, ya bar ta a kan farin faranti, malami ya zo ya ga launin, ya karanta buret ɗin da idonsa daidai da ƙasan lanƙwasar ruwa, ya sa hannu a gefen karatun. Na uku, muka ƙara wani ɗan gida a kowane layi na hannu mai suna "ban gani ba". Wannan gida yana da muhimmanci a wurina ƙwarai. Kafin mu samar da shi, in ban ga yadda ɗalibi ya ɗauraye kaya ba, sai in ba shi 2 ko 3 bisa yadda na san shi a aji, ba tare da na faɗa wa kaina gaskiyar abin da nake yi ba. Yanzu wanda aka sa wa "ban gani ba" sai a ce ya maimaita wannan taki kawai a gaban malami kafin ya fita. Minti biyu ne.

Sa hannun malami a kan karatu yana maganin wata cuta kuma. Mun ba ɗalibai ma'aunin mako guda kafin jarrabawa, kuma ina nan kan cewa haka ya dace, don bai kamata a ɓoye wa mutum abin da za a auna shi da shi ba. Amma duk wanda ya karanta ya san 0.10 yana kawo maki uku, kuma gyara 23.85 ya koma 23.65 aikin daƙiƙa ɗaya ne. Saboda haka ake rubuta karatu da biro kai tsaye a jadawali, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a bar na farkon yana karantuwa. Muka kuma haɗa asid iri biyu masu ɗan bambancin ƙarfi muka raba tebur-tebur, kowanne da nasa sakamakon malami, don leƙen maƙwabci ya daina biya.

Maganar kariya ba mu mai da ita layi mai maki ba. Idan tabarau na kariya maki uku ne cikin ashirin da ɗaya, to ɗalibi yana iya zuƙar NaOH da baki a fifet ya kuma fita da sakamako mai kyau saboda lissafinsa ya cike gurbin. Wannan ban yarda da shi ba. Mun sa ta sharaɗi a saman takarda, an cika ko ba a cika ba: tabarau a ido, robar zuƙo a kan fifet, a goge abin da ya zube nan take. Wanda ya saɓa a tsayar da shi har ya gyara, a kuma rubuta. Raba wani hukunci daga jimillar maki ba baƙon abu ba ne. A Ingila, tun sauyin manhajar 2015, shaidar aikin hannu ta manyan azuzuwan kimiyya daban ake ba da ita, ba a narkar da ita cikin makin rubutacciyar jarrabawa.

Gwajin ma'aunin kansa

Kafin mu yi amfani da shi a jarrabawa ta gaba, muka tara ɗalibai shida suka yi aikin, mu biyu muna kallo tare, kowa da takardarsa, ba magana. Layi shida sau ɗalibai shida, gida 36. Mun dace a 29. Sauran bakwai mun saɓa da mataki ɗaya-ɗaya, kuma biyar daga cikinsu a layi guda suke, na sarrafa buret. Tarin saɓani a wuri ɗaya ya nuna mana cewa laifin na rubutun ne, ba namu ba.

Da muka duba sai ga ɓarawon a fili. Mataki na 3 yana cewa ɗalibi yana jujjuya kwalba ba tsayawa, yana komawa ɗigo-ɗigo idan ya rage kamar 1 cm³ ya kai adadin share fage, yana rufe famfo da zarar ruwan lemo ya zauna bai koma rawaya ba. Wannan ba matsala. Amma mataki na 2 mun rubuta "ya ɗan wuce", na 1 kuma "ya wuce sosai". Kalmomin da muka kora ta ƙofa sun dawo ta taga, kuma ba mu lura ba sai da aka gwada.

Launi ba ya kamuwa da kalma. Sai muka daina ƙoƙari, muka haɗa kwalabe uku muka jera a teburin gaba: ɗaya a daidai ruwan lemo, ɗaya an ƙara mata ɗigo biyu, ɗaya an kai ta ja wur. Bayanin matakan ya koma nuni zuwa gare su: launin kwalbarsa ya yi daidai da ta farko, ko yana tsakanin ta farko da ta biyu, ko ya wuce ta biyu. Muka ƙara da abin da hannu ke yi, wato ko yana sako ɗigo-ɗigo ko kuwa yana buɗe famfo yana rufewa da ƙarfi har ƙarshe. Masanin tantancewa Royce Sadler ya yi wannan magana tun 1987, cewa bayanin baka ba ya isa ya kafa mizani sai an haɗa shi da samfuri na zahiri. Kwalaben nan uku su ne samfurinmu, kuma ɗalibai ma sun amfana, don da yawansu ba su taɓa ganin bambancin a jere ba.

Da muka mayar da ɗalibanmu biyu kan ma'aunin ƙarshe, ni ina ba da shaidar abin da na gani, ɗalibar ta samu 3 a shiri, 3 a sarrafa buret, 2 a rubuta sakamako saboda ta rubuta karatun farawa "0" maimakon 0.00, 3 a jituwa, 3 a kusanci, 2 a lissafi. Jimilla 16. Ɗalibin ya samu 1 da 1 a layukan hannu, 3 a rubutu, 3 a jituwa, 0 a kusanci, 3 a lissafi. Jimilla 11. Ba jimillar ce ta fi burge ni ba, jeren ne. Na kira shi na nuna masa 3 da 0 suna zaune kusa da juna, na tambaye shi yadda aka yi sakamako uku suka jitu amma duk suka kauce. Ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ce, "Malam, ko dai abu ɗaya nake ta ɓatawa kowane zagaye?" Muka je wurin wanke kaya na ce ya nuna mini yadda yake yi. Yana kai hannu ga kwalbar NaOH sai ya tsaya da kansa.

Wanda ma'aunin ya zalunta

A jarrabawar da ta biyo baya an samu wani ɗalibi da ya nuna mana iyakar abin da muka gina. Yana tsakiyar zagayensa na biyu sai ya ga wata ƙaramar kumfa ta kuɓuce daga bakin buret. Ya san ma'anar hakan: wurin da iska ta bari asid ya cike, don haka buret zai nuna an ci fiye da abin da ya shiga kwalba. Ya ja layi a kan zagayen, ya rubuta dalili a gefe, ya sake cika buret, ya fara sabo. Lokaci ya ƙare masa da sakamako ɗaya tak mai kyau, wanda ya faɗa kusa da nawa.

Bisa ma'auninmu ya samu 1 a shiri saboda kumfar, ya samu 0 a jituwa saboda ba shi da sakamako biyu. Maƙwabcinsa da wataƙila kumfa ta fita a nasa bai ko gani ba zai iya fin sa maki. Alhali abin da yaron nan ya yi, ya gane kuskure, ya san inda zai karkatar da sakamako, ya yar da zagayen da hujja, shi ne ainihin abin da muke fatan ɗakin gwaje-gwaje ya koyar. Mun rubuta abin da ido ke gani da kyau, amma mun rubuta shi ne don aikin da ya tafi yadda aka tsara.

Malama tana ganin a ƙara layi na bakwai, na gane kuskure da ɗaukar mataki. Ni ina jin tsoronsa, domin ɗalibin da bai gamu da matsala ba me za a ba shi a wannan layi, kuma wa zai hana masu wayo ƙirƙiro kuskure don su gyara? Abin da muka yi a yanzu shi ne gyara mataki na 2 na layin shiri ya haɗa da wanda ya gano kuskure a tsakiyar aiki ya soke zagayen da rubutaccen dalili, muka kuma yarda a ƙara wa irinsa minti goma ya kammala zagaye na biyu. An kira yaron ya dawo washegari ya yi, ya samu tazarar 0.05. Layi na bakwai yana nan da fensir a ƙasan takardar, za mu gwada shi da ɗalibai shida a zango mai zuwa, a aikin auna zafin da ke fita idan asid ya haɗu da NaOH, inda kusan kowa sai ya gamu da zafin da ke tserewa ta jikin kofi.